Tintid moscharaiza, BB kirim ko fandeshan: wanne zai zauna a fuskarki a zafin Kumasi?

"Anti salamu alaikum, dan Allah ki taimaka min. Ina da tabon kuraje a kumatu da haɓa, goshina da hancina kuma maiƙo. Na sayi BB kirim da sidi na masu yawa, ina shafawa fuskata sai ta yi fari-fari kamar na shafa toka. Fandeshan kuma nauyi yake min, kafin in sauka daga trotro ya shafe a mayafina. Wata ta ce in gwada tintid moscharaiza. Wai meye bambancinsu ne, wanne zan riƙa sawa in je shago kullum a Adum, wanne kuma zan sa a auren yayata?"

Wa alaikumussalam ƙanwata. Toh bari in fara cire miki wani abu daga rai, BB kirim ɗin nan ba hannunki ne ya ɓata shi ba, ba kuma fatarki ce ke da matsala ba. Shekara goma sha huɗu ina yi wa mata kwalliya a Aboabo, kuma wannan tokar da kike faɗa na gan ta a fuskoki da yawa sosai, zan zo kanta.

Abu ukun nan duk dangi ɗaya ne. Ruwa ne da mai ko silikon aka haɗa, sannan aka zuba garin launi a ciki. Garin launin nan ma kusan iri huɗu ne kawai a ko'ina, akwai ja da rawaya da baƙi waɗanda ake kira ayon oksaid, sai fari wanda ake kira taitaniyam dayoksaid. Duk kalar da kika gani a kwalba daga waɗannan huɗun aka dama ta. Abin da ya raba ukun shi ne yawan garin da aka zuba, da kuma abin da ke saura a kan fata bayan ruwan ya bushe. Kuma babu wata doka da ta ce sai gari ya kai kaza kafin a kira abu fandeshan, kamfani ne ke zaɓar sunan da zai rubuta, shi ya sa za ki ga tintid moscharaiza na wani kamfani ya fi fandeshan mai ruwa-ruwa na wani rufewa. Saboda haka ni ba na sayen suna, gwadawa nake.

Ga gwajin da nake koya wa yaran da ke koyon aiki a wajena, ke ma ki yi shi. Ki ɗauki fensirin gira mai ruwan ƙasa ki ja layi uku a cikin hannunki, ki ɗan murza su da yatsa su yi kama da tabo. Sai ki ɗiga kowanne a kan layi ɗaya, daidai yawa ɗaya, ki daddanna da yatsa ki fita waje ki duba a hasken rana. Tintid moscharaiza zai bar layin yana nan kina ganinsa, sai dai ya ɗan dusashe kamar an rufe shi da siririn mayafi. BB kirim zai ɓoye wajen rabinsa. Fandeshan mai cikakken rufi zai haɗiye shi gaba ɗaya. Wannan shi ne rufi, kuma da idonki za ki gan shi ba sai wani ya faɗa miki ba.

Tintid moscharaiza dai man shafawa ne da aka ɗan sa wa launi. Aikinsa ya daidaita kalar fuska, wato inda goshi ya fi kumatu duhu ko gefen baki ya ɗan yi baƙi, sai ya haɗe su su yi kusa da juna. Amma tabon kuraje mai duhu irin naki, gaskiya ba zai rufe shi ba, ko kin shafa sau uku, ƙarshenta ma sai ki ƙara wa fuskarki maiƙo tabon yana nan yana kallonki. A fata kuwa shi ya fi duka daɗi, da yatsa ake shafa shi, bayan minti biyar kin manta kin sa komai. Yawancinsu suna da gilisarin, shi ke jawo danshi ya riƙe a fata, shi ya sa yake fitowa da sheƙi. Lokacin hunturu, Disamba da Janairu, da fata ke bushewa tana yin furu-furu leɓe na tsagewa, wallahi babu kamarsa. Amma a watan Maris da Afrilu da zafi ke haɗuwa da danshi gumi ba ya bushewa, a goshi mai maiƙo wannan sheƙin kafin azahar ya koma kamar an shafa man gyaɗa idan ba a danne shi da hoda ba. Wani alherinsa kuma, tunda ba shi da kauri, ko kalar ba ta zo daidai ɗari bisa ɗari ba fatarki za ta leƙo ta ƙasa ta gyara.

Yanzu BB kirim, nan zan daɗe domin shi ya ci miki kuɗi. Asalinsa ba don kwalliya aka yi shi ba. Wata likitar fata ce a Jamus, Christine Schrammek, ta haɗa shi a shekarun 1960 don masu jinyar da aka yi wa aikin ɗaye fata, ya kwantar musu da fatar ya kuma ɓoye jan da ta yi. Daga baya matan Koriya ta Kudu suka karɓe shi ya yi tashe a can, sannan wajen 2011 kamfanonin Turai da Amurka suka fara fitar da nasu. Ki lura da hanyar da ya biyo, Jamus sai Koriya, duk fata mai haske ce kuma matsalar da ake son ɓoyewa ja ne, mu kuma tabonmu baƙi ne ko ruwan ƙasa mai duhu. Shi ya sa har yau da yawansu kala uku ko huɗu kawai suke fitarwa, kuma wadda suka kira mai duhu ɗin, a fuskar 'yar Zango haske ce.

Sannan ana sayar da shi a matsayin abu ɗaya mai aiki da yawa, man shafawa ne, launi ne, kuma kariyar rana ne. Kariyar ranar nan a yawancinsu daga taitaniyam dayoksaid ɗin da na ambata take zuwa, wani lokaci da zink oksaid, kuma duka biyun fararen gari ne fat. Idan farin garin ya yi yawa ja da rawaya da baƙin suka yi kaɗan, a kan fata mai duhu abin da zai bayar shi ne launin toka. Kin ga dalili kenan. Kuma ba a gyara shi da ƙara shafawa ko murzawa, ƙari ma ƙara toka yake. A fata jinsa ya fi tintid moscharaiza kauri, yana da ɗan danƙo kamar man kariyar rana, wasu kuma santsi suke yi saboda silikon. Ban ce duk BB kirim banza ne ba, akwai waɗanda aka yi su da kala mai duhu ta gaske kuma suna da kyau ga wadda ke son rufi matsakaici cikin sauri, amma sai kin gwada a muƙamuƙi kin fita rana kafin ki miƙa kuɗi. Wanda ke hannunki kuma kar ki yar, ki ɗiga masa ɗigo ɗaya na fandeshan da ya fi fatarki duhu kaɗan ki dama a bayan hannu, sau da yawa yana dawowa daidai. In har yanzu toka ce toh ki bai wa wata mai hasken fata.

Tunda na taɓo kariyar rana bari in faɗa miki wani abu da ya shafi tabonki kai tsaye. Lambar SPF da kike gani a jikin kwalba, wadda ke nuna ƙarfin kariyar rana, a gwaji ana samunta ne idan an shafa miligiram 2 a kan kowane murabba'in santimita na fata, wato a fuska ɗaya wajen kwata na ƙaramin cokalin shayi. Babu mai shafa BB kirim ko fandeshan da yawan nan, in kin yi haka sai fuska ta zama kamar bango da aka yi wa yaɓe. Don haka kariyar da kike samu ba ta kai abin da aka rubuta ba. Tabon kuraje kuma rana ce ke ƙara masa duhu. Ki sa man kariyar rana daban a ƙasa, SPF 30 ko sama, wanda ba ya barin fari, sannan launi a sama. Abin daɗin shi ne ayon oksaid ɗin da ke cikin launin yana tare hasken da ido ke gani, wanda shi ma yana duhunta tabo a fata irin tamu, toh kin ga su biyun suna taimakon juna. Kuma dan Allah kar haushin tabon ya kai ki ga man bilicin, na ga fatar da ya siranta har jijiyoyi suka fito, irin wannan fatar ko fandeshan ba ya zama a kanta da kyau, ramewa take tana ɗaukar launi faci-faci.

Fandeshan shi ne ya fi garin launi, kuma shi ya fi yawan kaloli, musamman tun 2017 da Fenty Beauty ta fito da kala 40 a tashi ɗaya sauran kamfanoni suka bi sahu. Kuma za ki iya zaɓar yadda zai fito, akwai mat wanda ke bushewa ba ƙyalli, akwai mai sheƙi, akwai na tsakiya da ke kama da fata lafiyayya. Mat ɗin yana da gari mai shanye maiƙo kamar silika, masu daɗewa kuma suna da wani abu da ke bushewa ya zama siririn fim a kan fata, shi ke hana gumi wanke shi. Amma wannan fim ɗin shi ne kike ji yana ɗaure miki fuska in kin yi murmushi. Nauyin da kika ji kuwa ina da yaƙinin yawa ne ya jawo shi, domin kusan duk wadda ta zo min da wannan kukan, in na ce ta nuna min yadda take sawa sai in ga ta danna famfo uku ko huɗu ta shafe fuska gaba ɗaya daga goshi har wuya a kan man kaɗe da bai gama shiga fata ba. Abin da ya yi kauri haka ba ya bushewa har ƙasa, saman ne kawai ke bushewa, mayafi na taɓawa sai ya kwashe. Famfo ɗaya ya ishi fuska ɗaya.

Bari in ba ki labarin wata da na yi wa aiki bara, domin fuskarta kusan irin taki ce. Nas ce, amarya, tana da tabo kusan goma sha biyu a kumatun hagu da haɓa, goshi da hanci suna tsatso maiƙo amma kumatu a bushe saboda sabulun salo da take wanke fuska da shi safe da yamma. Ta zo da fandeshan ɗinta mai cikakken rufi ta ce in lafta mata kar a ga tabo ko ɗaya. Na ce mata ta ba ni sati ɗaya kafin biki mu yi gwaji, rabin fuska yadda take so, rabi yadda nake so. A dama na sa mata fandeshan hawa biyu ko'ina kamar yadda ta ce. A hagu inda tabon ya fi yawa ma, na fara da man shafawa mara nauyi a kumatu kawai, na jira minti goma. Sai na ɗauki korekta mai launin lemo mai duhu, da ƙaramin buroshi na ɗiga a kan kowane tabo ɗaya-ɗaya, kaɗan kamar kan ashana, domin launin lemo shi ke kashe duhun tabo, in kin sa abu mai haske kai tsaye a kan baƙin tabo toka zai ba ki. Na danna da yatsa ban murza ba. Sannan rabin famfo na fandeshan, na daddanna da soso mai ɗan danshi daga tsakiyar fuska zuwa waje. Tabo uku suka ƙi ɓoyuwa, sai na bi su da konsila, wato launi mai kauri na rufe tabo, daidai kalar fatarta. Hoda kuma goshi da hanci da haɓa kaɗai, kumatu na bar shi. Na ce ta tafi ta yi harkarta ta dawo da la'asar.

Ta dawo bayan awa biyar, ta je Kejetia ta yi sayayya a cikin rana. Dama ya tsattsage a gefen hanci da layin murmushi, launin ya taru a ramukan fata ya yi ɗigo-ɗigo, kuma bakin mayafinta na wannan ɓangaren ya yi ruwan ƙasa. Hagu goshin ne kawai ya yi ɗan ƙyalli, na danna tishu sau ɗaya ya kwanta, tabo biyu sun ɗan leƙo amma sai ka matso sosai. Ita da kanta ta ɗauki madubi ta tsaya bakin ƙofa ta daɗe tana juya fuska, sai ta ce Anti a yi min na hagu.

A wannan gwajin kuma muka kama wani abu da ba mu nema ba. Fandeshan ɗin da ya yi daidai da wuyanta da safe, da la'asar ya yi duhu ya karkata zuwa ja. Wasu suna yin haka idan sun bushe sun haɗu da maiƙon fata, shi ya sa ba a yanke hukuncin kala a minti ɗaya a ƙarƙashin fitilar shago. Ki shafa layi a muƙamuƙi ya sauko wuya, ki jira minti goma sha biyar zuwa ashirin, ki duba a waje. Wanda ya ɓace a fatarki kika rasa inda ya tsaya shi ne naki. In ya yi toka ya yi miki haske ko ja ya yi masa kaɗan, in ya yi kamar jan bulo toh ja ya yi yawa kina buƙatar mai rawaya-rawaya. Bayan hannu ba ya aiki a nan, kalarsa daban da ta fuska.

Toh ga abin da zan ce ki yi. Na zuwa shago kullum, ki ɗauki tintid moscharaiza wanda aka rubuta ba mai a cikinsa, ki haɗa shi da konsila daidai kalarki. Man kariyar rana tukuna, ki jira ya shiga kamar minti goma, sai tintid moscharaiza kamar ƙwayar gyaɗa biyu da yatsa, konsila a kan tabon kaɗai, hoda a goshi da hanci. Tunda shi kansa man shafawa ne, a lokacin zafi ba ki buƙatar wani mai a ƙasa, ki bar man kaɗe ga jiki da kuma dare. Ki sa tishu a jaka, in maiƙo ya fito ki danna ki ɗaga kafin ki ƙara hoda, domin hoda a kan maiƙo ita ke yin dunƙule. Akwai kuma maganar alwala wadda 'yan talla ba sa tunawa da ita. Ke da za ki yi azahar da la'asar a shago, abu mara nauyi yana fita da ruwa da ɗan sabulun fuska kuma mayar da shi minti biyu ne, amma fandeshan mai daɗewa an yi shi ne don ya ƙi ruwa, za ki ga ruwan yana gangarewa a kansa, cire shi sai da abin goge kwalliya mai mai, kuma gurzar fuska sau biyu a rana kullum zai tayar miki da sabbin kuraje. Wannan kaɗai ya isa ya sa ban ba ki shawarar fandeshan na kullum ba. Da dare kuma ko wanne kika sa a wanke shi tas kafin a kwanta.

Na auren yayarki kuwa fandeshan ne, babu tantama, domin akwai hoto akwai rawa akwai awa shida ko fiye. Ki nemi mai rufi matsakaici wanda ake iya ƙarawa, mat ko na tsakiya, ki bi hanyar da na bi da nas ɗin nan. Ki bar shi ya bushe minti biyar kafin hoda, sannan kafin ki yafa mayafi ki danna tishu a muƙamuƙi da bakin goshi, in launi ya fito sosai a tishun toh ya yi yawa ko bai bushe ba. Kar ki sa BB kirim ɗin nan a ƙasa, kuma ki kiyayi farar hoda mai silika da yawa a ƙarƙashin ido, filashar kyamara na haskawa sai ta fito fari tas a hoto alhali a madubi ba ki ga komai ba. Ki gwada tun a gida, ki kashe fitila wata ta ɗauke ki da filashar waya. Kuma ki yi duk wannan gwajin sati ɗaya kafin biki kamar yadda muka yi, domin in sabon abu zai fesa miki kuraje gara ki sani tun da sauran kwana, kuma sabulun salon in kina amfani da shi a fuska ki rage zuwa sau ɗaya a rana daga yanzu, kumatu da ya bushe yana ɓarewa fandeshan mat ba ya kwanciya a kansa. In kina kusa da Aboabo ki zo da kwalaben naki duka da safe lokacin da haske ke da kyau mu ja layin a muƙamuƙinki tare.